Lanhon Baba Ari

Ranar da ofishin haraji ya ɗaga Mahamud zuwa sahun manyan ƴan kasuwa, ranar ce surukinsa ya fara tsiyacewa. Babu wanda ya sani cikin su biyun. Mahamud ma rago ya yanka.

Baduku ne ɗan baduku. A zauren ubansa cikin Birni ya koyi riƙe basilla, ya kai ga buɗe shago kusa da Kasuwar Dole, da masu ɗinki wajen talatin a baya suna fitar da takalman fata da ake kaiwa Maraɗi da Yamai. A shekarar da ta wuce wata ƙungiya ta ba shi kwangilar jakunkunan makaranta, cinikinsa ya haura iyakar da doka ta sa wa ƙananan ƴan kasuwa. Shi ke nan aka cire shi daga masu biyan harajin patanti dunƙule sau ɗaya, aka sa shi cikin masu biyan harajin riba, masu kuma karɓar wa gwamnati TVA, sha tara bisa ɗari a kan duk abin da suka sayar.

Ma'aikaciyar da ta yi masa bayani ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce haraji iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, mai zuwa da sunan mutum, kan ribarsa ko albashinsa ko gidan hayarsa. Akwai kuma na kan kaya, wanda mai shago yake ɗora wa kuɗin kaya, ya karɓa daga mai saye, ya cire wanda shi ma ya biya wajen sayen kayan aiki in yana da faktir, wato rasiɗin sayen, ya kawo ragowar kafin sha biyar ga wata.

"Wato ni ɗan aike ne kawai?" in ji Mahamud.

"A doka haka ne, Malam."

Rabin farko na amsar ne bai ji ba. Ya fito yana murna, don shi harajin da ya tsana shi ne mai suna. Ya taso yana jin yadda kakanni suke kwana a gona in mai unguwa ya fito neman lanho, kuɗin kai. Wannan sabon kuwa ba shi da suna, ba shi da fuska, na wani ne. Duk mai hankali yana son harajin da na wani ne.

Takalmin jika biyar, wato sefa dubu biyar, ya koma jika shida ba sefa hamsin.

Ƴan sarin da suka saba ɗaukar kaya ranar Alhamis suka zo, suka juya takalmi, suka shinshina, suka ajiye. Umaru, wanda yake kai kaya kasuwannin Guna da Mirya, ya fi kowa tsawon harshe.

"Malam Mahamud, zinariya aka fara sa wa a ƙasan?"

"Ba ni na ƙara ba. Gwamnati ce. Ga faktir nan, karanta."

"In kai wa ɗan ƙauye faktir ya taka? Ga Idris can bayan masallaci, aikinsa bai kai naka ba, amma jika huɗu da rabi, kuma gwamnati ba ta san yana duniya ba. Ga na Kano suna shigowa ta Matamai kamar fara, naira ta zama ganye. Ga na roba. Ni da kai mutunci ne, amma mutunci ba ya shiga ƙafa."

Suka yi dariya tare, Umaru ya tafi hannu wofi. Wani babban butik na Yamai, kantin zamani, shi kaɗai bai yi ƙorafi ba, don shi ma yana cikin tsarin, abin da ya biya Mahamud zai cire daga abin da zai kai ofis. Amma butik ɗaya ba ya ciyar da mutum talatin. Takalma suka taru a kanta har fatar ta fara dushewa. Mahamud ya sauko jika biyar da rabi, babu. Ya ƙara saukowa. A jika biyar da sefa ɗari biyu ne aka fara taɓawa, ana yi masa kamar alfarma.

Ya tafi wurin Tanimu kwantabul, mai riƙe masa lissafi, wanda suka yi firamare tare, mutum mai fuskar wanda aka tashe shi daga barci don a gaya masa abin da ya riga ya sani.

"To ka daina rubuta musu harajin mana, ni na haƙura," in ji Mahamud. "In sayar kamar da."

"Kai ka haƙura. Gwamnati ta haƙura?" Tanimu ya danna kalkuleta da ɗan yatsa ɗaya. "Duk kuɗin da ka karɓa, doka tana ɗauka harajin yana ciki. Ka karɓi jika biyar da ɗari biyu, wajen ɗari takwas da talatin nata ne. Mai saye ya ɗauki ɗari biyu. Sauran ɗari shida da wani abu, nemo mai shi."

"Ai an ce zan cire na kayan aiki."

"Na gam da roba da lantarki, in da faktir. Nawa ne? Ɗan kaɗan. Babban kayanka fata ne da hannun mutane, kuma ba a ɗora musu TVA balle ka cire."

"Amma matar nan ta ce mai saye ke biya!"

"Ta ce a doka. Doka tana faɗin wanda zai kawo kuɗin ofis, ba ta faɗin aljihun da zai yi rami. Da ka sayi simintin gidan da kake ginawa bana, ka yi gardama?"

"Da wa zan yi? In ban saya ba ginin ya tsaya."

"To ka biya harajin duka, har da godiya. Katin waya haka. Inda mai saye ba shi da wurin gudu, shi ke ɗauka. Naka masu sayen suna da ƙofa goma, sun fice sun bar maka kayanka. Yanzu kai ma ka duba bayanka, ka ga wa ba shi da ƙofa."

"Kai dai ba ka da imani, Tanimu."

"Ni lissafi aka ce in yi. Harajin ribar da kake zagi, shi aƙalla yana tambaya ko ka ci. In ribar ta ragu ya ragu, ban da ɗan abin da ba a sauka ƙasa da shi. Wannan ba ruwansa. Ka sayar? Kawo."

Tun daga ranar, sha biyar ga wata ta zauna wa Mahamud a ƙirji. Da wata ya kama sai ya fara jinta, kamar haƙori mai shirin ciwo. Ya fara da kansa, a yi masa adalci. Ya tsayar da ginin, ya sayar da mota ya koma babur. Bai isa ba. Ya tara masu ɗinki ya yi musu zancen rage kuɗin ɗinkin kowace ƙafar takalmi. Babbansu ya saurara har ƙarshe, ya ce babu laifi, dama yaran suna ta zancen tafiya haƙar zinariya arewa, wasu kuma kabu-kabu ya fi musu. Kafin mako ya zagayo hannu uku mafi kyau sun tafi. Mahamud ya janye maganar. Mai roba da mai gam kuwa kuɗin Kano suke bi, in ka ƙi wani ya ɗauka.

Saura mutum ɗaya a bayansa, kuma ya san shi tun kafin Tanimu ya rufe baki.

Baba Ari majemi ne, jinin Barno, mahaifin Fanta matar Mahamud. Fatun awaki yake jima da bagaruwa, ya rina su ja da karan dafi, irin aikin da ke ɗaukar makonni daga toka zuwa shanya. Tun auren ƴarsa ya daina kai fata kasuwa. Duk abin da ya fito daga ramukansa gidan Mahamud yake zuwa. Sauran dukawan gari kowa da majeminsa tun kaka da kakanni, fataken Kano kuwa ɗanyar fata mai gishiri suke so, ba su da ta cewa da ja. Ko da ma akwai mai saye, wane ido tsoho zai ɗauki fata ya wuce ƙofar ƴarsa da ita?

Kuma ba a ciniki tsakanin suruki da suruki. Mahamud bai taɓa kiran sunan tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bakin da ba ya iya tauna a gaban mutum ba zai iya cewa "rage mini" ba, na tsohon ma ba zai iya cewa "albarka" ba. Don haka tun farko suka bar wa Fanta. Ranar Alhamis amalanke ya kawo fatu, da la'asar Mahamud ya ƙulle kuɗi a ƙyalle bisa farashin da ya ji a kasuwa, har da ɗan ƙari, Fanta ta kai in ta je gaida gida. Tsohon ya tura ƙullin ƙarƙashin buzu ba tare da ya kalla ba, ya tambayi lafiyar yara. Al'ada ce mai kyau. An yi ta don kada kuɗi ya shiga tsakanin mutane. Ba a yi tunanin ranar da za ta zama ƙofar da kuɗi zai fita ba a ji ƙararsa ba.

Alhamis ɗin farko, Mahamud ya ƙulle, ya kwance, ya mayar da takardun kuɗin da ya zare, ya sake zarewa. Ya ce wa ransa na wata ɗaya ne, kafin kasuwa ta saba.

Fanta ta karɓa ta auna a tafin hannu. Matar da ta yi shekaru tana ɗaukar abu ɗaya ba ta bukatar ƙirga.

"Malam, yau ya yi sauƙi."

"Kasuwa ce."

"Kasuwar fata ce ta faɗi?"

"Kasuwa dai."

"To me zan ce masa?"

"Ya taɓa tambayarki?"

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai ya shiga neman makullin babur da ke hannunsa. Ta ja mayafi ta fita.

Ya zauna jiran abin da zai biyo baya. Ya shirya wa saƙo, ya shirya wa fushi, har ya shirya wa Alhamis da amalanke ba zai zo ba. Da ma hakan ta faru, da ya sami abin kamawa. Amalanke ya zo kan lokaci, fatu cif, ja kamar garwashi, masu laushi kamar kullum. Sha biyar ga wata ta zo ta wuce lami lafiya, Tanimu ya ce lissafi ya fara numfashi. Bai tambayi da hancin wa ba.

Wata ɗaya ya zama damina, damina ta zama kaka. Mahamud ya daina bi ta hanyar majema. In ya ji sallama a shago sai ya tambayi yara wane ne kafin ya fito. A masallacin Juma'a yana leƙen sahu kafin ya zauna. Labari kuwa yana zuwa masa ta bakin Fanta, gutsure-gutsure, tana tankaɗe ko tana wa yaro wanka, ba ta kallonsa.

"Ɗanyar fata ta hau. Mutanen Kano sun zo da mota, ko tayi ba sa yi."

Wani lokaci: "Bagaruwa ma tiya ta ƙara kuɗi."

Wani lokaci kuma: "Baba ya sallami ma'aikatan nan biyu. Shi ke shiga ramin toka da kansa yanzu. Ka ga ƙafafunsa kuwa?"

"Me ya sa ba zai rage wa mahauta kuɗin fata ba?" in ji Mahamud, da zafin da bai san daga ina ya zo ba.

"Su bar masa don kyansa? Suna da mai saye a ƙofa." Ta kakkaɓe rariya. "Kowa yana da inda zai juya, Malam. Shi ne dai ya haifi ƴa."

"Kin gaya masa wani abu?"

"In ce masa me? Mijina yana rage maka? Ko in ce maka ubana yana ƙarewa? Wanne cikin biyun ne aikin ƴar aike?"

Ya koma wurin Tanimu ya ce a mayar da shi ƙaramin ɗan kasuwa, ya tuba. Tanimu ya ce hawa ne mai sauƙi, sauka sai an ga ciniki ya daɗe a ƙasa, ba abin wata ɗaya ko biyu ba ne. Ya kuma kawo shawarar da ake bai wa kowa a gari, cikin raɗa, cewa ba kowane takalmi ne sai ya bi ta mashin ɗin buga faktir ba. Sai ya ƙara da cewa shi bai faɗa ba, kuma ranar da masu bincike suka zo, tarar za ta cinye shagon har da ƙusoshi. Mahamud matsoraci ne ta wannan fuska. Ya fi sauƙi a cuci wanda ba zai kai ƙara ba.

Duk da haka abin ya ci shi. Da sanyi ya shigo ya yanke shawara: zai sayar da filin ginin, ya mayar wa tsohon duk abin da ya zare, ya kuma faɗa masa da bakinsa, ko da kunya za ta kashe shi. Ya yi ta jera maganar a kan babur, yana gyarawa. Dillali ya ce a dakata, filaye za su tashi bayan salla. Ya dakata. Akwai daɗi a niyyar kirki, tana ɗumama mutum tun bai kashe ko dala ba.

Wata Alhamis da hantsi amalanke ya tsaya ƙofar shago, sai ga Baba Ari a bayansa yana dogara sanda. Bai taɓa taka shagon ba. Masu ɗinki suka ajiye basilla. Mahamud ya tuɓe takalmi, ya shimfiɗa darduma, ya durƙusa can gefe, idonsa a ƙasa. A ƙasan kuwa ƙafafun tsohon ne, fari fat da cin toka, dugadugan sun tsage har ana ganin ja.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da yara da sanyi da gajiya. Sannan tsohon ya yi gyaran murya.

"Na keta al'ada na zo, ka yi haƙuri. Magana ce da ba ta aike ba. Waɗannan su ne na ƙarshe. Na sayar da majemar."

Mahamud ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Wani ne zai yi gareji a wurin. An riga an shaida, an biya. Zan koma Gafati wurin ƙanena, akwai ƴar gona." Ya yi ɗan murmushi. "Tsufa ne. Da, ina jima fata in ci in ba wani. Bana ina yi, ina yi, in duba in ga babu. Na ce ko hannu ne ya mutu, ko kai ne ya daina riƙe lissafi. Sana'a in ta gaji da mutum ba ta sallama, sai dai ya ga tana share inda yake zaune."

"Baba..."

"Bari in gama, kada kunya ta kama ni ni ma. Na san na bar ka a mugun lokaci. Fanta ba ta faɗa ba, amma gari ya faɗa, an ce gwamnati ta sa ka gaba, kowane wata sai ka kai. Har mota ka sayar. Na ce Allah sarki, girma da wahala. Mu ƙanana Allah ya rufa mana asiri. Ni tun da tsufa ya sa mai unguwa ya cire sunana daga lanho, ban da ɗan tikitin kasuwa, gwamnati ba ta ƙara cin sisina ba. Ba ta ma san ina nan ba." Ya yi dariya, masu ɗinki na kusa suka taya shi. "Shi ya sa na ce waɗannan kada ka aiko da komai. Ka sa a cikin abin da kake kai musu. Gudummawata ce."

Maganar tana nan a bakin Mahamud, a jere, yadda ya gyara ta. Amma ga mutum talatin sun kasa kunne, ga tsoho ya kawo kyauta da ƙafarsa. In ya faɗa yanzu, ya mayar da kyautar wauta, ya mayar da mai ita abin tausayi a gaban yara. Haka ya gaya wa kansa, kuma akwai gaskiya a ciki, daidai gwargwadon da matsoraci yake bukata.

"Allah ya saka da alheri, Baba," ya ce. "Allah ya ƙara girma."

"Amin. Ka nemi majemin kirki. Ka kuma yi ciniki da shi sosai, kada ka ji kunya, zamani ya canja."

Ya raka shi har bakin titi, taku biyu a baya, ba takalmi.

Majemin da ya samu daga baya saurayi ne mai waya biyu da masu saye uku. Ya faɗi kuɗinsa, ya ce in bai yi ba a bar shi. Mahamud ya biya. Shagon ya ragu zuwa mutum goma sha wani abu. Filin ya sayu bayan salla, da kyau kuwa, dillali bai yi ƙarya ba. Mahamud ya ƙulle kuɗin ya ce zai kai Gafati da kansa, ba ta hannun Fanta ba. Gafati ba nisa, mai babur yana zuwa ya dawo kafin shayi ya huce. Ya sa Juma'a, ya ɗaga zuwa wata Juma'ar. Kafin gero ya fitar da kai aka bugo wa Fanta waya da asuba, tsohon ya rasu.

Kuɗin ya shiga cikin gado, aka raba, magada suka yi ta sa masa albarka, suna cewa samun suruki irinsa sai an tona. Abin da bai shiga gado ba shi ne ƴar maganar da ya yi ta gyarawa a kan babur. Ba ta da tsawo. Baba, hannunka bai mutu ba, kanka ma lafiya lau. Lanhon nan da nake kai musu kowane wata, kai kake biya.